Manaja Yana Magana, Me Za a Nuna wa Mai Kallo?

Yawancin bidiyon da kamfanoni da ƙungiyoyi ke yi don gabatar da kansu kamarsu ɗaya. Manaja ya sha babbar riga ko kwat, ya zauna bayan tebur, lambar yabo a gefe, kalanda a bango, ya yi minti uku yana bayani bai motsa ba. Maganarsa tana iya zama gaskiya tsantsa, mai amfani kuma, amma idon ɗan Adam ba ya jure kallon abu guda da ba ya sauyawa. Kafin a je ko'ina mai kallo ya ja yatsa a kan waya ya wuce.

Maganin da masu ɗaukar hoto suka sani shi ne hotunan tallafi, waɗanda a bakin 'yan sana'ar ake ce wa bi-rol. Su ne hotunan da ake ɗorawa a kan muryar mai magana: shi yana ci gaba da bayani, ido kuma yana ganin abin da yake bayani a kai. Kowa ya san da su. Inda ake samun matsala shi ne lokacin da ake tuna su. Sai an gama hira, an fara naɗe wayoyi, sannan wani ya ce, "Kai, ba mu ɗauki bi-rol ba." Sai a zaga da kyamara na minti ashirin: allon sunan kamfani, sakatariya tana danna kwamfuta, mutum biyu suna musabaha, fanka tana juyawa. A ɗakin tace hoto a manna su duk inda aka ga gurbi. Bidiyon ya daina tsayawa wuri ɗaya kam, amma bai faɗi komai ba fiye da da.

Ni a ganina hoton tallafi shaida ne. Mai magana ya yi iƙirari, hoto ya zo ya tabbatar, gani ya kori ji. Wanda ya riƙe wannan zai gane cewa ba da kyamara ake fara tsara waɗannan hotuna ba, da takarda ake farawa, kuma daga bakin mai magana ake ciro su.

A fara da magana

Mu ɗauki misali. Wani kamfanin gyaran shinkafa a Kano, a irin unguwannin masana'antu na Sharaɗa ko Challawa, yana son bidiyo na minti uku da zai tura wa diloli. Manajan ne zai yi magana. Abu uku yake so a sani: daga manoman gida suke sayen shanshera, shinkafarsu ba ta da tsakuwa, kuma buhunsu na kilo 50 cikakke ne.

Hanya mafi aminci ita ce a yi hirar tukuna, a rana ta daban in da hali, a rubuta duk abin da ya faɗa, a zaɓi jimlolin da za su shiga bidiyon, sannan a fita ɗaukar hotunan tallafi. Idan kuɗi ko lokaci bai ba da kwana biyu ba, to a zauna da shi tun kafin ranar ɗauka, ko ta waya ce, a ji abin da zai ce. Kuma a ranar, hira da safe, sauran ɗauka bayanta, domin mutum yakan faɗi abin da ba a shirya ba, kuma sau da yawa shi ne ya fi daɗi.

Sai a raba takarda gida biyu. A dama a rubuta magana, jimla bayan jimla. A hagu, daura da kowace jimla, a rubuta abin da ido zai gani. Dabarar cike gefen hagu ita ce a ja layi a ƙarƙashin duk wani abu da ake iya taɓawa da duk wani aiki da ake iya gani. Manaja ya ce, "Duk motar da ta shigo sai mun gwada danshin shinkafar kafin mu sauke." A nan akwai mota, akwai shigowa, akwai gwaji, akwai saukewa. Jimla guda ta ba da abin ɗauka huɗu, kuma babu ɗaya a cikinsu da za a samu a ofis.

Idan kuwa ya ce, "Mun himmatu wajen inganci da gamsar da abokan hulɗarmu," babu abin ja wa layi. Irin wannan jimla ba hoto take buƙata ba, tambaya take buƙata. Mai yin hirar ya ce, "Ranka ya daɗe, in mota ta zo da shanshera mai danshi, me kuke yi?" Zai amsa cewa ana mayar da ita ko a shanya, domin sai danshin ya sauka wajen kashi 14 cikin ɗari take gyaruwa ba ta karairaye ba. Yanzu an samu abin nunawa: hannu yana zuba ƙwayoyi a na'urar awon danshi, lamba ta bayyana a fuskarta. Wannan hoto na daƙiƙa uku ya fi musabaha goma, don babu wani kamfanin da zai iya aron sa ya ce nasa ne sai wanda yake yin aikin. Wannan ma shi ne gwajin da ya kamata a yi wa kowane hoto da ke cikin jerin: in za a iya ɗaga shi a saka a bidiyon banki ko na asibiti ba wanda ya lura, to a soke shi.

Nawa ake buƙata?

Lissafin ba shi da wuya, rashin yin sa ne ke sa mai tace hoto ya riƙa maimaita hoto ɗaya sau uku. Minti uku daƙiƙa 180 ne. A ce an yanke shawarar fuskar manaja za ta bayyana na daƙiƙa 70 gaba ɗaya, saura 110 da za a rufe. Hoton tallafi ɗaya yakan zauna tsakanin daƙiƙa uku zuwa biyar. A ɗauka huɗu ne. Ke nan ana buƙatar hotuna kusan 28 mabambanta a cikin bidiyon da aka gama. Ba duk abin da aka ɗauka ke amfani ba: wani ya girgiza, a wani leburan ya kalli kyamara ya yi dariya, wani bai dace da na kusa da shi ba. Saboda haka a ninka sau uku, a fita da niyyar dawowa da hotuna wajen 80.

Kowane ɗaya a riƙe shi aƙalla daƙiƙa goma ba a motsa ba, ko da uku kawai za a yi amfani da su. Sabon shiga yakan danna, ya ƙirga biyu, ya kashe, sai a tarar farkon ya girgiza da dannawa, ƙarshen ya girgiza da kashewa, tsakiyar ba ta kai komai ba. Hoto 80 na daƙiƙa goma-goma bai wuce minti goma sha huɗu a katin kyamara ba, amma ɗaukar su zai ci rabin yini ko fiye, domin kowane wuri sai an kafa kyamara, an duba haske, an jira aikin ya zo. A kamfanin shinkafar nan wurare shida ne: bakin get da sikelin mota, wurin gwajin danshi, tukwanen turara shinkafa, injin cire tsakuwa, wurin awo da ɗinke buhu, sai wurin lodi. In kowanne ya ci minti arba'in, awa huɗu sun tafi. Wannan lissafi shi za a nuna wa mai kamfani tun farko, don kada ya zaci da an gama hira an gama aiki.

Akwai kuma tambayar da ake mantawa: yaushe ake yin kowane aiki? Wace rana motocin shanshera ke zuwa daga Kura ko Bunkure? Ƙarfe nawa ake kunna injin? In an ɗauke wuta janareto yana ɗaukar dukkan injinan, ko rabi? Jerin hotuna mafi kyau ba ya amfani idan aka iso ranar da injin ke tsaye ana gyara.

Aiki ɗaya, hoto biyar

Nan ne ainihin bambanci tsakanin bidiyo mai rai da tarin hotuna. Hoton tallafi guda ɗaya tilo, an jefa shi tsakanin fuska da fuska, ba ya riƙe ido. Abin da ke riƙe ido shi ne jerin hotuna da ke bin aiki ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Michael Rosenblum, Ba'amurken da ya horar da 'yan jaridar bidiyo da dama, har da na BBC, ya shahara da koyar da wata hanya mai sauƙi ta hotuna biyar: hannuwa a kusa, fuska a kusa, hoto mai faɗi da ke nuna wurin duka, hoto daga bayan kafaɗar mai aikin, sai na biyar daga wata kusurwa da ba a saba ba.

A gwada ta a wurin ɗinke buhu. Na farko, hannuwan ma'aikaci suna jan bakin buhu ƙarƙashin keken ɗinki, zare yana gudu. Na biyu, fuskarsa, idonsa a kan aikin. Na uku, a ja baya a nuna layin duka, buhuna a jere, mutum uku suna aiki. Na huɗu, daga bayan kafaɗarsa, inda ake ganin abin da yake gani, wato fuskar sikeli tana nuna 50. Na biyar, a ajiye kyamara a ƙasa, buhu ya sauko gabanta, ƙura ta tashi. Idan manaja ya ce, "Ba buhun da ke fita sai an auna shi," mai tace hoto yana da daƙiƙa goma sha biyar zuwa ashirin na labari cikakke da zai shimfiɗa a kai, kuma lambar da ke kan sikeli ta yi maganar da manaja ba zai iya yi wa kansa ba.

Dalilin da ya sa wannan hanya ke aiki shi ne hotuna masu girma daban-daban suna haɗuwa lafiya. Mai faɗi ya bi na kusa, ido ya karɓa. Amma mai faɗi ya bi wani mai faɗi na wuri ɗaya, sai mutanen ciki su yi kamar sun yi tsalle. Shi ya sa ya kamata hotunan kusa su fi yawa. Kusan kullum abin da ke ƙaranci a ɗakin tacewa su ne, ba masu faɗi ba, tun da masu faɗin kowa yana ɗaukowa. A kan fuskar waya kuma, inda diloli za su kalli bidiyon, hoto mai faɗi na cikin masana'anta ƙananan abubuwa ne kawai da ba a tantancewa, ƙwayar shinkafa a tafin hannu kuwa ana ganin ta sarai.

Abu biyu za a kiyaye a cikin jerin. A bar aiki ya shigo cikin hoto ya fita da kansa: kyamara a tsaye, ɗan dako ya shigo da buhu a ka, ya wuce, ya fice. Wannan yana ba mai tacewa wurin yanka mai tsabta a farko da ƙarshe. Sannan a kula da inda abubuwa suka nufa. In ɗan dako ya tafi daga hagu zuwa dama a hoton farko, kada a tsallaka ɗaya gefen a ɗauke shi yana tafiya daga dama zuwa hagu, don mai kallo zai ga kamar ya juyo da buhun.

A ɗauki shi kansa manajan ma a wajen kujerarsa. Ya shiga masana'anta, ya ɗebi shinkafa a hannu ya duba, ya tsaya da mai kula da inji. Sai dai kada a ce masa "yi kamar kana dubawa". A ba shi aiki na gaske: "Yallaɓai, tambaye shi buhu nawa aka fitar tun safe." Da zarar yana sauraron amsa da gaske, jikinsa zai saki. A ɗauko kuma inda bakinsa ke rufe, yana saurare ko yana tafiya, saboda in aka ɗora muryarsa ta hira a kan hoton da leɓɓansa ke faɗin wani abu daban, ido yana kamawa nan take.

Ɗinkin da ake ɓoyewa

Hotunan tallafi suna da aiki na biyu wanda mai kallo bai san da shi ba. Hirar minti ashirin ce aka matse ta koma uku. An cire inda ya yi tari, inda ya maimaita, an ɗauko rabin jimla daga can an haɗa da rabi daga nan. Duk wurin da aka yanka, in fuskarsa ce a allo, kansa zai yi zillo daga wuri zuwa wuri. Hoton tallafi ne ke rufe wannan ɗinki. Don haka bayan an tace muryar, a ƙirga mahaɗan, a tabbata kowace tana da abin rufewa.

Ba kowace mahaɗa ce ke buƙatar a bar fuska ba. In akwai kyamara ta biyu, a ajiye ta gefe da tazarar kusurwa aƙalla digiri 30 daga ta farko, a kuma sa ta ɗauki fuskar a kusa fiye da ta farko. Ƙasa da haka, sauyin zai yi kama da kuskure. In kyamara ɗaya ce, a ɗauka a 4K, wato 3840 a 2160, a fitar da bidiyon a 1920 a 1080. Wannan yana ba da damar a kusanto da fuskar har ninki biyu a Premiere Pro ko DaVinci Resolve ba tare da hoton ya dushe ba, sai kyamara ɗaya ta ba da hoto mai nisa da na kusa. Amma wannan dabara ɗinki kawai take ɓoyewa. Ba ta nuna wa dila komai game da tsakuwa.

Akwai wasu abubuwa na na'ura da ke ɓata hotunan tallafi a ƙasarmu musamman. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, yawancin wayoyi kuwa suna zuwa a saite kan firam 30 a daƙiƙa. A ƙarƙashin dogayen fitilun masana'anta ko ƙwan fitila mai araha, wannan saɓani yana haifar da ƙyaftawar haske ko baƙaƙen layuka masu yawo a hoto. Maganin shi ne a ɗauki komai, hira da tallafi, a firam 25 da shata 1/50. Abin da ake so a rage wa gudu, kamar zubowar shinkafa daga inji, a ɗauke shi a firam 50 da shata 1/100, sai a mayar da shi rabin gudu. In janareto ne ke ba da wuta, kaɗawarsa ba lallai ta tsaya daidai kan 50 ba, don haka a ɗauki gwaji na 'yan daƙiƙu a kalla kafin a ci gaba. Kuma kada a rage wa komai gudu. Bidiyon da kowane hoto a cikinsa ke tafiyar hawainiya shi ma ya koma tsayayye.

Sauti kuma. A ɗauki kowane hoton tallafi da sautinsa: ƙarar keken ɗinki, faɗuwar buhu, kukan tirela. A ƙarƙashin muryar manaja za a sa shi ƙasa-ƙasa, kuma in aka bar sautin injin ya riga hotonsa shigowa da kamar rabin daƙiƙa, kunne yana jan ido zuwa wurin, sauyin ba ya zuwa kwatsam. Ita hirar a yi ta nesa da injin, a kuma ɗauki rabin minti na shirun ɗakin, kowa ya yi tsit, don a cike gurbin da yanka ya bari.

Inda ba a taɓa fuska

Wanda ya sha wahala ya tara hoto 80 zai so ya yi amfani da su duka, sai ya binne mai magana. Wannan ma kuskure ne, kuma ina ganin ya fi na farko muni, domin bidiyon mai magana amana yake nema, amana kuwa a fuska ake karanta ta. A farkon bidiyo a bar manaja a allo har mai kallo ya san shi, ya karanta sunansa da muƙaminsa. Duk inda ya yi alkawari, a bar fuskarsa. In ya ce, "Wanda ya samu tsakuwa a buhunmu ya dawo da shi, ni zan canja masa," dila yana so ya ga idon mai wannan magana, ba injin ba. A takardar nan mai gida biyu, daura da irin wannan jimla, a rubuta "fuska" tun kafin a fita, don kada a rufe ta daga baya.

Tsawon hotunan ma kada ya zama ɗaya. In kowane hoto daƙiƙa huɗu ne cif, ido zai gane ƙidayar ya fara gyangyaɗi. Uku gajeru a jere wajen lodi, inda aikin ke da sauri, sannan ɗaya mai tsawo a kan tururin da ke tashi daga tukunyar turarawa. Rubutu ko lamba in za a sa a allo, a bar shi har mutum ya iya karanta shi sau biyu.

Saura abubuwan da ke kashe hoto bayan an gama wahalarsa. Hoton aro daga intanet na farko: manaja yana cewa daga manoman Kura suke saye, allo yana nuna gonakin tudu na Asiya. Dilan da ya san Kadawa zai gane, kuma daga nan ba zai ƙara yarda da sauran ba. In ba za a iya zuwa gona ba, gara a nuna buhunan shanshera ana sauke su a bakin get. Na biyu, abin da ke bayan hoto. Ma'aikaci ba takunkumi cikin ƙura, buhu a yashe kusa da kwata, takardar albashi a buɗe kan tebur: mai ɗauka bai gani ba, mai kamfani zai gani ya ce a cire, alhali babu madadi. A zaga da wani babba na kamfanin kafin a kunna kyamara. Na uku, izini. A tambayi kowane ma'aikaci kafin a ɗauki fuskarsa, musamman mata masu tsintar shinkafa. Wadda ba ta so, hannuwanta a kan faranti sun isa, in ta yarda da hakan.

Tun kafin ranar ɗauka kuma a tambayi mai kamfani inda za a saka bidiyon. In za a yanko gajere na tsaye don WhatsApp ko TikTok, abin da zai rage daga hoton kwance bai kai sulusin faɗinsa ba. Sikelin da aka ajiye a gefen hoto zai ɓace, da lambar 50 ɗin da aka sha wahala a kanta. Saboda haka muhimman hotuna, na'urar danshi da sikeli da injin cire tsakuwa, a sa abin da ake nunawa a tsakiya, ko kuma a juya kyamara a sake ɗaukar su a tsaye kafin a bar wurin.